Adashe ko ajiyar banki: yadda za ka lissafa wanne ya fi maka

A Babbar Kasuwar Katsina, da cikin gidajen Kofar Marusa da Kofar Kaura, da ofisoshin ma'aikata a Daura, da wuya ka sami mai samun kuɗi a kai a kai wanda bai taɓa shiga adashe ba. Idan aka tambayi mutum abin da ya samu, amsar ba ta wuce "na zuba dubu ɗari biyu, na kwashi dubu ɗari biyu, ban ci ba, ba a ci ni ba". Wannan amsar tana ɓoye abu mafi muhimmanci. Adashe ba ya haifar da ko sisin kwabo daga waje, abin da ake rabawa a cikinsa lokaci ne. Wanda ya kwasa da wuri ya ci bashin 'yan uwansa ba tare da ƙari ba, wanda ya kwasa a ƙarshe kuma shi ne ya ba da bashin. Saboda haka babu amsa ɗaya ga tambayar ko adashe ya fi banki. Amsar tana bin lambar da ka samu a layin kwasa, da abin da za ka yi da kuɗin ranar da suka shigo hannunka.

Zan bi misali guda ɗaya daga farko har ƙarshe, domin mai karatu ya iya cire alƙalumana ya sa nasa. Mutum goma ne, kowa yana zuba naira 20,000 a ƙarshen kowane wata, daga Janairu zuwa Oktoba. Kwasa ɗaya naira 200,000 ke nan. Uwar adashe tana cire naira 2,000 daga kowace kwasa a matsayin ladan wahalarta. Ba kowane adashe ake cire wannan ba, a wasu wuraren uwar adashe kwasar farko kawai take ɗauka ta zama ladanta, amma mu ƙaddara a namu ana cirewa.

Matakin farko: nemo abin da bankinka yake bayarwa a zahiri

Kafin a auna komai sai an sami ma'auni, kuma ma'auninmu shi ne abin da kuɗin za su samar da an kai su banki. Kada ka dogara da abin da ka ji a talla. Je ka reshen bankinka ka nemi takardar bayanin asusunka ta watanni shida, ko ka buɗe ta a manhajar waya, ka duba layin da aka zuba maka ƙarin wata. Babban Bankin Nijeriya ya sa ƙa'ida tun watan Agusta na 2022 cewa kuɗin ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin 100 na ma'aunin kuɗin ruwan da shi Babban Bankin yake tsayarwa. A ƙarshen 2024 wannan ma'aunin ya kai kashi 27.5, wato mafi ƙarancin abin da ake ba mai asusun ajiya ya kama kashi 8 da ɗoriya a shekara. Ma'aunin yana hawa yana sauka, shi ya sa na ce ka duba naka na yau.

Mu ɗauki kashi 8 a shekara. Ba duka ne zai shigo hannunka ba, domin ana cire harajin kashi 10 daga cikin ƙarin kafin a zuba maka. Abin da ya rage kashi 7.2 ne a shekara. Raba shi gida goma sha biyu, ka sami 0.6 cikin 100 a wata. A naira, ma'anarsa ita ce kowace 20,000 da ta kwana wata guda a banki tana jawo naira 120, kowace 200,000 kuma tana jawo naira 1,200. Waɗannan lambobi biyun su ne za mu yi ta aiki da su, sai a riƙe su.

Akwai sharaɗin da mutane da yawa ba su sani ba: a yawancin bankuna, idan ka cire kuɗi daga asusun ajiya fiye da sau huɗu a wata, ƙarin wannan watan ya tafi. Mai asusun da yake sayen kati da cefane daga cikinsa kullum yana iya duba takardarsa ya ga babu ko kwabo da aka ƙara masa. Irin wannan mutumin ma'auninsa sifili ne, ba kashi 8 ba, sai dai in zai buɗe wani asusun dabam wanda ba ya taɓawa.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan ba sa karɓar kuɗin ruwa, kuma hanyar lissafin ba ta tilasta wa kowa karɓa. Wanda yake ajiya a bankin da ba ya mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, ko TAJ, ko Lotus, asusunsa na mudaraba ne, inda banki yake juya kuɗin a raba riba. A can ba a yi maka alkawarin adadi, sai ka duba ribar da aka zuba maka a watannin baya, ka ɗauki matsakaicinta, ka sa ta a gurbin naira 120. Wanda kuma yake ajiya a asusun da ba a ƙara komai, ya sa sifili. Sauran matakan duk ɗaya ne.

Mataki na biyu: ƙirga watannin da kowane zubi zai kwana

A nan ne lissafin yawancin mutane yake karkacewa. Sai mutum ya ce kashi 7.2 na 200,000 ya haura dubu goma sha huɗu, ashe adashe ya ci masa dubu goma sha huɗu. Ba haka ba ne, domin dubu ɗari biyun ba rana ɗaya za su shiga banki ba. Kaɗan-kaɗan za su shiga, kamar yadda ake zubin adashe.

Mu tsayar da ranar awo guda: ƙarshen Oktoba, ranar zubin ƙarshe. Zubin Janairu zai kwana wata tara a banki kafin wannan ranar. Na Fabrairu wata takwas, na Maris bakwai, haka har na Satumba da zai yi wata ɗaya, na Oktoba kuwa bai kwana ba. Idan ka tara tara da takwas da bakwai har zuwa ɗaya, za ka sami 45. Kowane wata ɗaya naira 120 ne, to 45 sau 120 ya ba da naira 5,400. Wanda ya kai zubinsa banki wata goma ba fashi zai wayi gari a ƙarshen Oktoba da naira 205,400. Na bar ɗan ƙarin da ƙarin kansa yake jawowa, domin a wata goma bai taka kara ya karya ba. Na kuma bar kuɗin saƙon waya da na kati, tunda a mataki na gaba mai adashen ma zai biya su.

Wannan 5,400 ita ce abin da ka haƙura da shi ranar da ka zaɓi adashe. Duk lambar da ka samu a layi, sai ta rama maka wannan kafin a ce ka yi daidai da banki.

Mataki na uku: auna lambarka a layin kwasa

Domin awon ya yi adalci, mu fara da ɗauka cewa mai adashe bai yi komai da kwasarsa ba illa ya kai ta wannan bankin ya ajiye zuwa ƙarshen Oktoba, yana ci gaba da zubi daga albashinsa ko cinikinsa. Wanda ya kwasa a Janairu, dubu ɗari biyunsa za su kwana wata tara, kowane wata 1,200, jimla 10,800. Cire 5,400 da zai samu da banki ya bi tun farko, saura 5,400 a gefensa. Na ƙarshe kuwa kuɗinsa ba su kwana ko ina ba, ya rasa 5,400 cif. Abin da na farko ya samu shi ne daidai abin da na ƙarshe ya rasa. Haka na biyu da na tara, haka na uku da na takwas. Na biyar ya fi banki da naira 600, na shida ya gaza shi da 600. Tara su duka goma, za ka ga sifili.

Yanzu shigo da ladan uwar adashe. Lissafin kowace lamba ya koma haka:

```
(watannin da suka rage × 1,200) − 5,400 − 2,000
```

Na farko ya tashi da 3,400 sama da banki. Na uku, wanda watanni bakwai suka rage masa, ya tashi da 1,000. Na huɗu ya riga ya faɗa ƙasa da naira 200. Na goma ya gaza banki da 7,400. Wato da zarar an sa wannan lada na 2,000, mutum uku kaɗai cikin goma suka fi mai ajiyar banki, bakwai suna ƙasa da shi.

Idan kana son ka mayar da wannan zuwa kashi cikin ɗari domin ka gwada da abin da banki yake faɗa, kada ka raba da 200,000. Na ƙarshe ya bar 20,000 a hannun mutane har sau 45 na wata, wato daidai yake da wanda ya ba da 900,000 na wata ɗaya, ko 75,000 na shekara guda. A kan 75,000 ɗin ake awo. Ladan 2,000 a kan 75,000 ya kusa kashi 3 cikin 100. Na ƙarshe ke nan yana ajiyar da take rage masa kusan kashi 3 a shekara, alhali banki zai ƙara masa kashi 7 da ɗoriya. Tazarar ta kusa kashi goma.

Juya lissafin ka kalli na farko. Ranar da ya kwasa, 20,000 ce kawai tasa, 180,000 bashi ne, yana biya dubu ashirin-ashirin har wata tara. Abin da bashin ya ci masa shi ne 2,000 ɗin nan, ƙasa da kashi 3 a shekara. Babu bankin kasuwanci ko ƙaramin banki a ƙasar nan da zai ba ɗan kasuwa rance a kan wannan farashin, balle ba jingina ba takarda. A ganina wannan shi ne ainihin ƙarfin adashe, kuma shi ne dalilin da ya sa bai kamata a riƙa raba lambobin farko da son rai ba.

Mataki na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi: me kuɗin za su yi?

Duk alƙaluman da suka gabata ƙanana ne, ba su wuce 'yan dubbai ba, domin mun ajiye kwasar a banki. Ba don haka ake shiga adashe ba. Ana shiga ne don a sami dunƙulallen kuɗi a yi abin da dubu ashirin ba za ta yi ba.

Ɗauki wata mata a Daura da take son injin markaɗe, mu ƙaddara kuɗinsa 200,000. Ta kalli maƙwabciyarta mai irin wannan sana'a, ta ga bayan an cire mai da gyara da canjin dutse, abin da yake saura a wata ya kai 12,000. Idan ta bi banki, sai Oktoba kuɗin injin za su cika. Idan ta sami lamba ta uku a adashe, a ƙarshen Maris injin yana tsakar gidanta. Watanni bakwai ke nan na aiki da ba za ta samu ba ta hanyar banki: bakwai sau 12,000, naira 84,000. Cire 5,400 na banki, cire 2,000 na lada, saura 76,600. A nan adashe ya yi wa banki nisan da ba a ma haɗa su. Amma a ce lamba ta tara ta samu. Wata ɗaya kawai ta riga mai banki, 12,000 a cire 7,400, saura 4,600. Idan ta goma ce, babu abin da ta riga kowa da shi, ta gaza da 7,400. Mace ɗaya, inji ɗaya, adashe ɗaya, amma tsakanin lamba ta uku da ta goma akwai tazarar 84,000.

Akwai tarko a nan da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi. Inji ba a sayen rabinsa, shi ya sa duk ribarsa ta shiga lissafin adashe. Mai shagon kayan masarufi ba haka yake ba. Shi ko dubu ashirin ya samu yana iya ƙara katon taliya ko sabulu a shago, ta fara juyawa a ranar. Idan jarinsa yana ba shi kashi 3 a wata, kowace 20,000 tana kawo 600, ba 120 ba. Ma'auninsa na gaskiya shi ne 45 sau 600, wato 27,000, domin abin da zai samu ke nan in ya zuba kuɗin a shagonsa wata-wata. Kwasar 200,000 tana ba shi 6,000 a wata. A lamba ta biyu, takwas sau 6,000 ya ba da 48,000, a cire 27,000 da 2,000, ya ci 19,000. A lamba ta takwas kuwa 12,000 ce kawai, a cire 29,000, ya yi asarar 17,000 ba tare da ya ji a jikinsa ba. Mai jarin da yake juyawa da sauri shi ne wanda lambar ƙarshe ta fi cutarwa, fiye da ma'aikacin da kuɗinsa zaune suke.

Wanda kuma zai kashe kwasar a biki ko suna ko kayan sallah, kuɗin ba za su haifi komai ba. Wannan ba laifi ba ne, buƙata ce, sai dai ya rubuta sifili a wannan gurbin kada ya yaudari kansa. Abin da ya samu shi ne kuɗin sun zo a kan lokacin buƙata, kuma darajar hakan ita ce abin da zai biya da rance ya nema a wani wuri.

Tsadar kaya

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a shekara. A irin wannan yanayi kashi 7 na banki ba riba ba ce, rage asara ce. Ko da kaya kashi 20 kawai suke hawa a shekara, abin da ake sayarwa 200,000 a Janairu zai kusa 230,000 a Oktoba. Mai banki ya zo da 205,400, bai kai ba. Na ƙarshen adashe ya zo da 198,000, shi ma bai kai ba. Tsada ta cinye su tare, ba ta canza tazarar 7,400 da ke tsakaninsu ba. Wanda ta yi wa aiki shi ne na farko, da ya sayi kayansa a tsohon farashi yake biyan bashin da nairar da ta rage daraja. Idan ka san abin da za ka saya, tambayi farashinsa yau da na watanni tara da suka wuce, ka ƙara bambancin a gefen lambar farko.

Sai dai farashi ba kullum sama yake yi ba. Masu kwasar adashe su sayi masara ko gero da kaka a kasuwanni irin na Dandume don su sayar da bazara sun saba ganin riba, amma a 2025 farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara da tsada suka sayar da araha. Haka mai sayen rago a Mai'adua don kiwon layya yana da kuɗin dusa da harawa da magani, ga yiwuwar ciwo. Idan ribar da kake sa rai ba tabbatacciya ba ce, yi lissafin sau biyu, ɗaya da shekara mai kyau, ɗaya da maras kyau, ka ga ko a maras kyaun za ka iya ci gaba da zubi.

Mataki na biyar: sa wa haɗari farashi

Duk abin da muka lissafa ya ginu a kan cewa mutum goman nan kowa zai zuba har ƙarshe. A ce wanda ya kwasa a Fabrairu ya daina zubi, ko ya bar gari, ko ciniki ya karye masa. Kowace kwasa daga Maris zuwa Oktoba za ta zo da giɓin 20,000, sai in uwar adashe ta cike daga aljihunta. Giɓi ɗaya ya kusa ninki huɗu na duk abin da banki zai ba ka a wata goma. Idan kuwa adashen ya watse gaba ɗaya bayan kwasa ta shida, mutum huɗun da suka rage kowannensu ya zuba 120,000 bai karɓi komai ba, sai bin mutane gida-gida. Lura da cewa wannan haɗarin bai shafi na farko ba ko kaɗan. Duk yana kan waɗanda dama lissafi bai yi musu daɗi ba.

Hanyar sa masa farashi ita ce tarihin wannan rukunin, ba na adashe gaba ɗaya ba. Kafin ka ba da zubin farko, zauna da uwar adashe ka tambaye ta cikin ladabi: "Hajiya, zagaye nawa aka yi da waɗannan mutanen? A ciki sau nawa kwasar wani ta zo ba ta cika ba? In wani ya gaza, ke kike cikewa ko mai kwasa ne yake haƙuri?" Uwar adashe ta gari ba ta jin haushin wannan tambaya, takan ma ɗauko littafinta ta nuna maka. Idan a zagaye biyar sau ɗaya aka sami giɓin hannu guda, raba 20,000 gida biyar, ka rubuta 4,000 a matsayin kuɗin haɗari, ka ƙara a kan abin da ake cirewa daga lambobin baya. Na goma ya koma gaza banki da 11,400. Jinkiri ma yana da farashi: duk watan da kwasarka ta makara, ka rasa 1,200 a ma'aunin banki, ko 12,000 in injin markaɗen nan kake jira.

Alamun da suke nuna adashe ya fara rauni ba ɓoyayyu ba ne. Kwasa ta fara zuwa kashi-kashi, a ba ka rabi yau a ce saura sai mako mai zuwa. Uwar adashe tana riƙe da hannu uku ko huɗu, duk a farkon layi. Akwai sunaye a littafi da babu wanda ya san masu su. Ko kuma tana tafiyar da adashe da yawa, tana ɗaukar zubin wannan ta cike kwasar wancan. Adashen da ake haɗawa a waya tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba ya rasa abin da yake riƙe adashe tun asali, wato kunyar idon maƙwabci da sanin gidan kowa. Ni ba zan karɓi lambar baya a irinsa ba, komai daɗin bayanin mai shi.

Banki ma yana da nasa. Bankuna suna rushewa, kamar yadda aka soke lasisin Heritage a watan Yuni na 2024. Bambancin shi ne akwai hukumar inshorar ajiya ta NDIC, wadda a 2024 ta ɗaga abin da take biyan kowane mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankuna masu lasisi. Dubu ɗari biyunmu suna cikin wannan iyakar, ko da biyan zai ɗauki lokaci. Wanda ya ga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 ya san kuɗi suna iya zama a asusu hannu bai kai gare su ba, kuma mutumin ƙauye da zai hau mota zuwa Katsina ko ya biya mai POS kafin ya cire kuɗinsa, dole ya rage wannan daga cikin 5,400. Wani lokacin abin da zai saura bai kai rabi ba.

Tambayar da takardar asusunka ce kawai za ta amsa

Naira 205,400 ta mai banki tana nan ne idan ya kai dubu ashirin sau goma bai tsallake ba, bai kuma taɓa ba. Ɗauko takardar asusunka ta watanni goman da suka wuce ka duba da gaskiya. Idan ka yi niyyar ajiya amma wata bakwai kawai ka iya, abin da ka tara 140,000 ne, kuma na ƙarshen adashe da 198,000 ya fi ka nesa. Kuɗin da ke cikin waya kowa yana iya roƙonsu, kai ma kana iya taɓa su da tsakar dare. Zubin adashe kuwa ko ɗan uwa ya zo da buƙata, in ka ce masa "na zuba adashe" ya san magana ta ƙare. Ga mai irin wannan hali, 7,400 kuɗin tsaro ne da yake biya don a riƙe masa hannu, kuma yana iya zama ciniki mai kyau. Abin da nake so shi ne ya san nawa yake biya. Wanda kuma takardarsa ta nuna yana iya ajiya da kansa ba fashi, ba shi da dalilin karɓar lamba ta tara ko ta goma, sai in taimakon 'yan uwa ya nufa, wanda wannan niyya ce mai kyau da lissafinta yake wani wuri.

Gyaran da lissafin yake nunawa

Tunda matsalar a layi take, a layi ake gyara ta. Idan rukuni ɗaya ne yake maimaita zagaye, a juya jerin: na goma a bana ya zama na farko a zagaye mai zuwa, sai abin da ya rasa ya dawo masa. Idan ƙuri'a ake yi, kafin a jefa ta kowa daidai yake da ɗan uwansa, kuma abin da kowa zai sa rai shi ne ya gaza banki da ladan uwar adashe kawai, in kuɗin ajiyewa zai yi. Mai hali yana iya shiga da hannu biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kamar na biyu da na tara, sai su share juna, ya sami jari da wuri kuma yana da ajiya a ƙarshe. Musayar lamba tsakanin mutum biyu saboda ɗaya yana da buƙatar gaggawa abu ne da aka saba, amma a yi ta kyauta. Da zarar an ce "ba ni dubu biyar in bar maka lambata", an shiga bashin da ya jawo amfani, wanda malamai suka hana.

Wanda ya kwasa da wuri kuma abin da zai saya bai zo ba tukuna, kada ya bar dubu ɗari biyu a ɗaki. Ya tambayi bankinsa ajiyar ƙayyadadden lokaci ta kwana 90 ko 180, ko makamanciyarta ta mudaraba, wadda yawanci abin da take bayarwa ya fi na asusun ajiya, da sharaɗin in ya fasa kafin wa'adi za a rage masa. Sai ya sa sabon adadin a gurbin 1,200, ya sake lissafin lambarsa, ya kuma tabbatar wa'adin zai cika kafin ranar da yake buƙatar kuɗin.